Mai, sukari ko fulawa: wanne zai ɗauki bitamin A, wanne zai ɗauki ƙarfe?

Duk ɗalibin da ke shirin jarrabawar ilimin abinci da lafiyar al'umma a Kano, ko a Jami'ar Bayero yake ko a makarantun horar da ma'aikatan lafiya, zai iya cin karo da tambaya mai wannan siffar: an ba ka al'umma mai ƙarancin bitamin A da ƙarancin jini, ka zaɓi abincin da za a ƙara wa sinadaran, ka kare zaɓinka, sannan ka bayyana yadda za ka tabbatar an sa su yadda doka ta ce. Yawancin ɗalibai suna jero sharuɗɗan da suka haddace, wato abincin ya zama kowa na ci, mai araha, kuma kada ɗanɗanonsa ya canza, daga nan sai su rubuta "garin masara" domin tuwo ne cimar gidajenmu. A nan maki ke zubewa. Abincin da aka fi ci daban, abincin da za a iya ƙara wa sinadari daban, kuma wannan tazarar ce mai jarrabawa yake so ya ga ka gane.

Abincin da ake zaɓa ɗan dako ne, aikinsa ya ɗauko kaya daga masana'anta ya sauke a tukunya ba tare da sun zube a hanya ba. Saboda haka tambayar farko ita ce: ta ina abincin ke biyowa kafin ya iso gida? Masara da dawa da gero suna shigowa Dawanau a buhu, magidanci ya sayi kwano biyar ko goma, a surfa, a ba yaro ya kai injin niƙa na bakin layi. Babu wani wuri guda a wannan tafiyar da za a tsaya a auna giram kaza na sinadari a kowane tan. Injinan niƙa na unguwanni sun yi yawan da babu hukumar da za ta iya bin su ɗaya bayan ɗaya, kuma mai injin ba shi da na'urar da za ta gauraya ɗan ƙanƙanin sinadari cikin gari daidai. Dokar ƙasa ta sa garin masara cikin abincin da dole a ƙara wa sinadarai, amma wanda dokar ke iya kamawa shi ne na kamfani, na cikin leda mai hatimi, kuma ba shi ne ke tukunyar yawancin gidajen Kano ba. Don haka masara ta fita, duk da yawan cinta da ake yi.

Tun 2002 Najeriya ta wajabta sa bitamin A a man girki, sukari, fulawa da garin masara na kamfani. Hukumar SON ce ke tsara ma'auni, NAFDAC kuma tana bin kayan da ke kasuwa, kuma alamar da ake bugawa a jikin leda ko jarka ita ce hoton ido da harafin A a ciki. Matsalar da ake son magancewa ba ƙarama ba ce: binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya samu ƙarancin jini a kashi 68 cikin 100 na yara 'yan wata 6 zuwa 59, da kashi 58 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar kashi 40 a matsayin matsala mai tsanani. Wannan ya isa shimfiɗa a amsarka, layi biyu ko uku. Sauran takardar ka ba wa kwatanci.

Bitamin A: mai da sukari

Bitamin A a cikin mai yake narkewa, ba a ruwa ba. Wannan kaɗai ya ba man girki fifikon da babu abincin da ya kai shi. Nau'in da ake sawa, retinil falmitet, shi kansa ruwan mai ne mai kauri, ana ɗan ɗumama shi a gauraya da mai kaɗan, a juye cikin babban tanki a motsa, shi ke nan ya bi ko'ina daidai. Cokalin da aka ɗiba daga saman jarka da wanda aka ɗiba daga ƙasa ƙarfinsu ɗaya. Ga shi kuma hanji ya fi tsotsar bitamin ɗin idan ya zo tare da maiƙo. Ma'aunin Najeriya na mai shi ne IU 20,000 a kowane kilo. Ka riƙe cewa IU ɗaya daidai yake da maikirogiram 0.3 na retinol, don haka 20,000 ya zama maikirogiram 6,000 a kilo, wato maikirogiram 6 a kowane giram na mai. Idan kamfani na amfani da mai ƙarfin IU miliyan 1.7 a giram, tan guda na mai yana buƙatar IU miliyan 20, ka raba, sai ka samu kusan giram 12. Giram goma sha biyu a tan guda. Shi ya sa mai ya fi kowane abinci araha wajen wannan aikin.

Sukari ba haka yake ba. Busasshen abu ne, ba ya shan mai, don haka sai an naɗe bitamin ɗin cikin ƙananan ƙwayoyi masu ɓawo da ke narkewa a ruwan sanyi, sannan a manna su a jikin tsabar sukarin da ɗan man girki. Ƙarfin waɗannan ƙwayoyin yawanci IU 250,000 ne a giram. Ma'aunin ƙasa na sukari IU 25,000 ne a kilo, wato miliyan 25 a tan, don haka ana buƙatar giram 100 a tan. Ka kwatanta 100 da 12, ka ƙara da cewa busasshen nau'in ya fi tsada saboda aikin naɗewar. Akwai kuma wata illa: idan mannewar ba ta yi kyau ba, ko tsabar sukarin ta yi girma, ƙwayoyin sukan saki su gangara ƙasan buhu yayin da mota ke jijjiga shi daga Legas zuwa Kano. Mai sayen kwanon farko ya samu kaɗan, mai sayen na ƙarshe ya samu da yawa. Ƙasar Gwatamala ce ta fara wannan aiki a faɗin ƙasa a tsakiyar shekarun 1970, Zambiya ta bi a 1998, kuma ambaton su a amsa yana nuna ka san hanyar an gwada ta.

Da a nan maganar ta tsaya, da mai ya yi nasara babu gardama. Amma ka shiga kasuwar Singa ko ta Galadima ka duba yadda ake sayar da mai. Jarka mai lita 25 ce ake fasawa, a ɗura a kwalaben ruwan roba da aka riga aka sha, a jera su a tebur bakin hanya, rana na dukansu tun hantsi har la'asar, a garin da zafinsa ke haura digiri 40 a watan Afrilu. Mai shagon unguwa kuma ya saya ya ƙulla a farar leda, mace ta aiko yarinya: "Malam, wai in ji Umma a ba ni mai na ɗari biyu." Haske da iska su ne manyan abokan gabar bitamin A. A jarka mai duhu da murfi a rufe yana iya wata da watanni, amma a kwalba mai haske a rana yana raguwa cikin makonni. Idan kuma man tun asali ya soma lalacewa, wato ma'auninsa na ferokzayid ya hau, shi da kansa yake cinye bitamin ɗin. Iyakar da Codex, ma'aunin abinci na duniya, ya sa wa tataccen mai ita ce 10, amma asarar bitamin tana farawa tun kafin a kai can. Suya sau ɗaya ba ta kashe shi duka, sai dai man mai ƙosai da ake maimaitawa kwana da kwanaki ba abin da zai rage a ciki.

Babbar matsalar ma ba wannan ba ce. Man da ke kasuwa ba duka ne ya fito daga babban kamfani ba. Akwai man gyaɗa na masu ƙuli-ƙuli da ƙananan injinan matsa, akwai wanda ke zuwa a durom babu suna babu hatimi. Shi wannan ba a taɓa sa masa komai ba balle a yi maganar raguwa. Sukari kuwa kusan duk wanda ake sha a ƙasar nan daga manyan matatu 'yan ƙalilan yake fitowa, don haka ƙofa kaɗan ce za a tsare. Ga shi yana isa bakin ƙananan yara ta koko, kunu da shayi, su da ba sa cin miya mai yawa. Manja batunsa daban ne, ba a sa masa komai, jan launinsa karotin ne wanda jiki ke juyawa zuwa bitamin A, matuƙar ba a soya shi har ya yi fari ba.

To, wanne za ka zaɓa? Lissafi ne zai gaya maka. Mu ƙaddara tambayar ta ba da waɗannan alƙaluma, na misali ne irin na takardar jarrabawa: mace a birnin tana cin mai giram 25 a rana, sukari giram 20, fulawa giram 80. Rabin gidaje ne ke sayen man kamfani, kashi 95 cikin 100 ke shan sukarin matata. Mai yana asarar kashi 30 na bitamin ɗinsa kafin a ci, sukari kashi 40. Buƙatarta maikirogiram 500 a rana, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara wa mace baliga.

Ga mai: 25 sau 6 ya ba da 150, a cire kashi 30 saura 105, wato kashi 21 cikin 100 na buƙatarta. Ga sukari: IU 25,000 a kilo shi ne maikirogiram 7.5 a giram, 20 sau 7.5 ya ba da 150 shi ma, a cire kashi 40 saura 90, wato kashi 18. A gidan da ke sayen man kamfani, mai ne a gaba. Amma da ka shigar da yawan gidajen da abin ke kaiwa, sai lamarin ya juya: matsakaicin abin da mai ke kaiwa a faɗin garin ya koma kusan 53, na sukari kusan 86. Kuma ka lura, wannan 53 ɗin ba yana nufin kowace mace ta samu 53 ba ne, rabi sun samu 105, rabi ba su samu ko ɗaya ba, kuma galibi waɗanda ba su samu ba su ne masu sayen na ƙulli, waɗanda suka fi kowa buƙata. Wannan jimlar tana da muhimmanci a wurina fiye da duk lissafin, domin don waɗannan gidajen aka kafa shirin tun farko.

Ra'ayina shi ne: idan tambaya ba ta ba ka alƙaluman yawan masu saye ba, zaɓi mai, ka kare shi da narkewa, araha da gaurayuwa daidai. Idan ta nuna cewa man da ba shi da hatimi ya mamaye kasuwa, kamar a misalin nan, ka ce sukari ne zai fi kaiwa ga jama'a, mai ya zama na biyu har a shawo kan masu sayarwa a buɗe. In an ba ka damar haɗa biyun, haɗa su: 105 da 90 sun ba da 195, kashi 39 na buƙata, kuma ya yi nesa da iyakar aminci ta babba, maikirogiram 3,000 a rana. Ka ambaci wannan iyakar domin bitamin A yana taruwa a hanta, kuma yawansa na da haɗari ga mai sabon ciki. Ta yaro ɗan shekara 1 zuwa 3 kuwa 600 ce kacal. Sannan ka ƙara layi guda cewa shirin yana hawa kan sukarin da mutane ke sha ne dama, ba za a taɓa cewa a ƙara sha don a samu bitamin ba.

Ƙarfe: abinci ɗaya, nau'i huɗu

Wajen ƙarfe, sinadarin da jiki ke buƙata don haɗa jini, zaɓin abinci bai da wahala. Ba a sa shi a mai, domin ba ya narkewa a ciki, kuma yana hanzarta lalacewar mai har ya canza wari ya riƙa maƙaƙi a wuya. Ba a cika sa shi a sukari ba, domin da ya haɗu da tanin na ganyen shayi sai ruwan ya yi baƙi, babu mai shayin da zai sake sayen buhun. Saura fulawa, kuma ita ta dace da Kano: burodin mai shayi, gurasa, fanke, taliya 'yar murji, cincin, duk daga buhun manyan masana'antun niƙa alkama suke fitowa. Ɗunƙulen miya yana shiga kusan kowace tukunya kuma wasu kamfanoni suna sa masa ƙarfe bisa ra'ayin kansu, sai dai giram kaɗan ake ci, kuma yawancinsa gishiri ne, don haka ƙari ne a kan fulawa.

Inda ake rarrabe ɗalibai shi ne nau'in ƙarfen. Ƙa'idar a taƙaice: nau'in da ya fi narkewa ya fi shiga jini, kuma shi ya fi ɓata abinci. Feros salfet, FeSO4, yana narkewa a ruwa, yana da araha, kuma shi ne ma'aunin da ake gwada sauran da shi. Illarsa ita ce idan fulawa ta daɗe a sito mai zafi, wata uku ko fiye, yana sa ɗan man da ke cikinta ya lalace. Ya dace da fulawar da gidan burodi zai ƙarar cikin makonni, bai dace da wadda za ta zauna a shago ba. Feros fumaret yana shiga jiki kusan kamar salfet, bai kai shi ɓata abinci ba domin ba ya narkewa sosai sai ya haɗu da ruwan ciki. Garin ƙarfe tsantsa, wanda ake tacewa da lantarki, ba ya ɓata komai kuma ya fi kowanne araha, amma jiki kaɗan yake tsotsa, shi ya sa ake ninka adadinsa. Na huɗu shi ne NaFeEDTA, wanda ya fi su tsada.

Dalilin da ya sa na huɗun ya cancanci kuɗinsa yana cikin kwanon abincinmu. Tuwon dawa, wake, gero da masara suna ɗauke da fayitet, wanda ke kama ƙarfe a hanji ya hana shi shiga jini, shayin da ake korawa da burodi kuma yana ƙara nasa da tanin. A NaFeEDTA ƙarfen yana zuwa a riƙe, fayitet ba ya samun damar kama shi, don haka a abinci irin namu jiki yana tsotsar ninki biyu zuwa uku na abin da zai tsotsa daga salfet.

Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2009 ta ɗaura adadin ƙarfe a kan yawan fulawar da mutum ke ci a rana, a matakai huɗu: ƙasa da giram 75, daga 75 zuwa 149, daga 150 zuwa 300, da sama da 300. Macen misalinmu mai cin giram 80 tana mataki na biyu. A nan shawarar ita ce miligiram 40 a kilo idan NaFeEDTA ne, 60 idan salfet ko fumaret ne, garin ƙarfe kuwa ba a yarda da shi ba sam a matakai biyun farko, domin adadin da za a buƙata ya yi yawan da zai taɓa ingancin fulawar. Wanda ya rubuta garin ƙarfe don araharsa a irin wannan tambayar ya faɗi wannan sashen.

Mu yi lissafin. Giram 80 shi ne kilo 0.08. Da NaFeEDTA, 40 sau 0.08 ya ba da miligiram 3.2 a rana. Da salfet, 60 sau 0.08 ya ba da 4.8. A ido salfet ya fi. Amma idan jiki yana tsotsar kashi 5 cikin 100 na salfet a abinci mai fayitet, abin da ya shiga jini 0.24 ne, shi kuwa NaFeEDTA ko da ninki biyu kawai aka ba shi, wato kashi 10, ya ba da 0.32. Mace mai al'ada tana buƙatar kusan miligiram 1.5 ya shiga jininta kullum, don haka fulawar ta biya kusan kashi ɗaya cikin biyar. Taimako ne na gaske, amma ba zai warkar da wadda jininta ya riga ya yi ƙasa ba, ita ƙwayar magani take buƙata. Kuma ka faɗa a amsarka cewa ƙarancin jini a Kano ba duka ne na rashin ƙarfe ba, zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki da sikila suna da nasu rabo, shi ya sa ake auna feritin, wato ma'aunin ƙarfen da jiki ya adana, tare da yawan jini idan ana son ganin tasirin shirin.

Akwai tarko guda da ke kama har masu ƙoƙari. Miligiram 40 ɗin nan nauyin ƙarfen ne kansa, ba nauyin garin da ake zubawa ba. NaFeEDTA kashi 13 cikin 100 kacal ne ƙarfe, don haka ka raba 40 da 0.13, ka samu kusan miligiram 308 a kilo, wato giram 308 a tan. Fumaret kashi 33 ne ƙarfe, 60 a raba da 0.33 ya ba da kusan giram 182 a tan. Wanda ya rubuta "giram 40 a tan" ya ba mutane kashi ɗaya cikin takwas na abin da ya kamata.

Yadda ake dubawa

Rabin makin tambayar yakan kasance a nan, kuma a nan ɗalibai ke rubuta "a kai samfuri ɗakin gwaji" su rufe takarda. Ɗakin gwaji shi ne mataki na ƙarshe kuma mafi tsada. Dubawa mafi amfani ba ta buƙatar ko ɗigon sinadari: lissafin garin haɗi ne, wato hoda mai ɗauke da bitamin da ƙarfe da masana'anta ke saya a shirye. A ce ana sa giram 500 a kowane tan, kuma littafin masana'anta ya nuna an niƙa tan 200 a mako. Ya kamata kilo 100 na garin haɗi ya fita daga sito. Idan kilo 70 ne ya fita, fulawar makon ta samu kashi 70 ne na abin da ya dace, ko da samfurin da aka miƙa wa mai bincike ya fito lafiya. Bayan wannan sai a gwada na'urar da ke zuba hodar. Idan fulawa na gudu tan 10 a awa, ana buƙatar giram 5,000 a awa, kusan giram 83 a minti. A tara faranti a bakin na'urar na minti ɗaya, a ɗora a sikeli. In an ga 50, ko dai hodar ta sha danshi ta dunƙule ta toshe hanya, wanda ya fi faruwa da damina, ko an ƙara gudun niƙa ba a gyara na'urar ba.

Gwajin ɗigo na ƙarfe shi ne wanda ma'aikaci ke maimaitawa a kowane zubin aiki. Ana zuba fulawa a tebur, a danna ta da gindin kofi ta yi sumul. A haɗa ruwan KSCN mai ƙarfin kashi 10 da ruwan HCl daidai wa daida, a ɗiga a kai har wurin ya jiƙe, sannan a bi da H2O2 mai ƙarfin kashi 3. Cikin minti ɗaya ko biyu sai jajayen ɗigo-ɗigo su fito, kowanne ƙwayar ƙarfen da aka ƙara ce. Ƙarfen da alkama ta zo da shi ba ya yin ɗigo, sai dai wurin ya ɗan yi ja-ja baki ɗaya. A ajiye samfurin da aka san adadinsa a gefe a kwatanta yawan ɗigon. Idan ɗigon ya taru a gefe guda, gaurayawa ce ba ta yi ba. Aikin H2O2 shi ne ya juya ƙarfen salfet ko fumaret zuwa siffar da ke ba da jan launi, NaFeEDTA kuwa yana cikin wannan siffar dama, don haka shi ana gwada shi ba tare da H2O2 ba. Wannan gwajin yana cewa akwai ko babu, da yawa ko kaɗan, ba ya ba da lamba.

Na bitamin A mai kama da shi launin shuɗi yake bayarwa. Tsohuwar hanyar ita ce ta Carr-Price, yanzu an fi amfani da ruwan TCA: a ɗiga a mai ko a narkakken sukari, shuɗi ya bayyana ya ɓace cikin daƙiƙoƙi, don haka dole ido na kai. Ba ya aiki sosai a manja domin launinsa da karotin ɗinsa suna rikita sakamako. Idan ana son lamba a kasuwa ko a masana'anta, akwai ƙananan na'urorin hannu: iCheck Chroma na mai, iCheck Fluoro na sukari da fulawa, iCheck Iron na ƙarfe. Idan kuma hukunci za a yanke wa kamfani, sai sakamakon ɗakin gwaji, HPLC ga bitamin A, AAS ga ƙarfe.

Wajen karanta sakamakon ƙarfe akwai abin lura. Na'urar AAS tana auna duk ƙarfen da ke cikin fulawar ne, na asali da na ƙari. Idan ta nuna miligiram 38 a kilo, ɗalibi mai gaggawa zai ce an kusa 40, an cika. Amma in fulawar da ba a sa wa komai ba daga wannan alkamar tana da 12, abin da aka ƙara 26 ne, kashi 65 cikin 100 na abin da ake so. Saboda haka ake ɗibar samfuri kafin na'urar zuba hoda da kuma bayanta. Bitamin A ba shi da wannan matsalar a tataccen mai ko sukari ko fulawa, domin babu shi a cikinsu tun asali, duk abin da aka gani ƙari ne.

Wurin ɗibar samfuri shi ma yana canza ma'anar sakamako. Cokali ɗaya daga buhun sukari ɗaya ba hujja ba ne, saboda gangarawar da muka ambata. Ana ɗiba daga sama, tsakiya da ƙasa na buhuna da dama a haɗa su zama samfuri guda, a sa a kwalba mai duhu, a rubuta sunan kaya da lambar zubi da rana. Samfurin masana'anta yana amsa tambayar ko kamfani ya bi doka. Na kasuwa yana nuna abin da ya rage bayan tafiya da ajiya. Na gida yana nuna wa abin ke kaiwa. Idan mai ya nuna IU 21,000 a bakin tanki, 19,000 a jarka rufaffiya a Singa, 8,000 a kwalbar tebur, kamfanin ya yi nasa, gyaran yana wurin masu fasa jarka: kwalba mai duhu, inuwa, da ƙananan ledoji masu hatimi da mai ɗari biyu zai iya saya. Idan kuwa jarka rufaffiya mai alamar ido ta nuna sifili, to ko ba a sa ba tun farko ko jarkar jabu ce, kuma lambar zubin da aka rubuta a jikin samfurin ita ce za ta kai NAFDAC ga littafin garin haɗi na ranar da aka ɗura ta.